Kuɗinmu da Suka Yi Wata Bakwai a Cikin Fayil

Kuɗin da suka shiga asusun gwamnati sau biyu ba sa ɓacewa, amma kuma ba sa dawowa da ƙafarsu. Sai an bi su. Yawancinmu a unguwar nan mun iya bin bashi a kasuwa: ka je ka gaishe da mutum, ka zauna a bakin rumfarsa, kunya ta sa ya ba ka ko rabi ne. To ofis ba ya jin irin wannan kunyar, domin wanda ka zauna a gabansa ba shi ne ya ci kuɗinka ba, kuma ba a aljihun teburinsa suke ba. Abin da ke motsi a ofis takarda ce. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta yadda tamu ta kaya a 2023, musamman wasiƙa ta biyu da waɗanda suka biyo bayanta, tunda ta farko kowa ya iya rubuta ta.

Mu goma sha huɗu ne masu rumfuna a layi ɗaya, muna da 'yar ƙungiya da asusu guda a banki, kuma a hannunmu aka damƙa amanar sa hannu. Kowace shekara mukan haɗa kuɗin sabunta takardun rumfuna mu biya wata hukuma gaba ɗaya. A shekarar nan naira 45,000 ne kowane mutum, jimla 630,000. A cikin asusun kuma akwai kuɗin taimako da muke tarawa kowace Juma'a saboda rashin lafiya, rasuwa ko gobara, sun ɗan haura wancan adadin kaɗan.

Kowa ya tuna Fabrairun 2023. An canja takardun naira, tsofaffi an kwashe su, sababbi babu, mutane na sammako layin banki tun kafin asuba, duk ciniki ya koma tiransifa, tiransifar kuma tana maƙalewa. Ranar Talata 14 ga wata, ana gobe wa'adin biya zai cika a soma cin tara, muka tura kuɗin ta waya zuwa lambar asusun da ke jikin takardar biya. Waya ta ce bai tafi ba. Babu alat, kuɗi na nan daram a asusu, mai karɓar kuɗi na hukumar ya duba ya ce bai ga komai ba. Bayan la'asar, da shawarar 'yan ƙungiya, muka sake turawa, ya tafi, aka ba mu rasit. Washegari da hantsi sai ga alat na farko ya iso. An cire 630,000 sau biyu, kuma na biyun kuɗin taimako ya kwashe.

A nan akwai rarrabewa da ya kamata mutum ya yi kafin ya rubuta ko layi ɗaya, don kada ya ɓata wata biyu a ƙofar da ba tasa ba. In an cire kuɗinka amma ba su isa wurin wanda ka tura wa ba, maganarka da banki ce. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna wa'adi: in na'urar cire kuɗi ta bankinka ce ta riƙe, kada ya wuce awa 24, in ta wani banki ce, awa 48, in na'urar POS ce, awa 72. In ka kai ƙorafi banki ya yi mako biyu bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin. Amma in kuɗin sun isa inda aka tura su, banki ya fita, ba zai shiga asusun wani ya ciro maka ba. Mu da muka je, aka buga mana bayanin asusu, aka sa hatimi, aka nuna mana duka biyun sun isa lafiya, kowanne da doguwar lambarsa ta shaidar tafiya. Wannan takardar mai hatimi ita ce jarinmu har ƙarshen magana.

Ranar Litinin 20 ga Fabrairu muka kai wasiƙar farko, da sunan shugaban hukumar kamar yadda ake yi wa kowace wasiƙa, haɗe da kwafin rasit da na bayanin banki. Muka tafi da kwafi biyu. Ɗaya muka bari a ofishin karɓar wasiƙu, wanda suke kira rajista, ɗaya kuma aka buga mana hatimin "an karɓa" da kwanan wata da sa hannu, muka dawo da abinmu. Duk wanda ya miƙa wasiƙa ya juyo hannu rabbana, in ta ɓace ba shi da abin nunawa, kuma ranar da ya koma ya ce na kawo, za a ce masa wa ka ba.

Daga nan sai zirga-zirga. Ku dawo bayan zaɓe. Aka yi na shugaban ƙasa, aka yi na gwamna, muka koma. Oga ya tafi taro. Azumi ya kama, aka ce ai yanzu aiki ya yi sanyi, sai bayan Sallah. Babu wanda ya yi mana rashin kunya, Allah ya sani, har kujera ake ba mu, ana Malam Liman sannu da zuwa. Amsar dai ɗaya ce kullum: ana kan aiki.

Cikin azumin nan ne matar ɗaya daga cikinmu ta kwanta asibiti, aka zo neman abin da aka saba bayarwa daga asusun taimako, babu. Muka yi karo-karo daga aljihu aka rufa asiri. Amma magana ta fara yawo a layi, irin wadda ba a faɗa a gabanka. Wai anya kuɗin nan gwamnati ce ta riƙe su? Mutumin da ke jan mutane salla, in aka fara yi masa irin wannan tambayar a bayan ido, abin ya wuce maganar naira 630,000. Ba mu ga laifinsu ba. Wata biyu ana cewa ana kan aiki, mu ma abin da muke maimaita musu ke nan, kuma ba mu da wata sabuwar takarda da za mu nuna.

Akwai wani dattijo da ke sahun gaba a masallacinmu, ya yi shekara talatin da biyar yana aikin akawu kafin ya yi ritaya. Bayan sallar isha'i muka tsare shi muka zayyana masa. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Liman, mene ne lambar fayil ɗinku?" Muka ce, "Baba, lambar da muke da ita ta rasit ce." Ya ce, "Wannan ta kuɗin da suka shiga ce. Ina nufin lambar jakar da aka sa wasiƙarku a ciki. Ku koma rajista, kada ku tambayi kuɗi. Ku ce a duba muku littafin fitar fayil: yaushe ya fita, teburin wa ya tafi, ya dawo ko bai dawo ba."

A daren nan ya zana mana hanyar da takarda irin tamu take bi, kuma ita ce abin da ya fi amfanar mu. Rajista ta karɓa ta sa a fayil ta kai wa shugaba. Shugaba ba ya bincike da kansa, layi ɗaya yake rubutawa a gefe ya tura wa daraktan kuɗi. Darakta ya tura wa sashen tattara kuɗin shiga su tabbatar cewa kuɗin sun shigo sau biyu da gaske, ta hanyar gwada littafinsu da bayanin bankinsu. In sun tabbatar, sai a rubuta bauca, wato takardar umarnin biya. Bauca ta je wurin odita na cikin gida ya tantance. Ta dawo wurin shugaba ya amince. Sannan a zo inda gizo ke saƙar: kuɗin shiga ba a hannun hukumar suke zama ba. Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta tsarin asusun bai ɗaya a 2015, jihohi da dama suka bi sahu, abin da hukuma ta tara ana kwashe shi zuwa babban asusun gwamnati, kuma fitar da shi sai ta hannun ofishin Akanta Janar. Ka ga ke nan akawun da muke ta gaisarwa ko yana so ba zai iya ba mu ko sisi ba. Teburi shida ko bakwai ne, kuma a kowanne fayil na iya kwanciya.

Muka koma rajista da tambayar da aka koya mana. Cikin minti goma aka buɗe littafi: fayil ya fita ranar Alhamis 23 ga Fabrairu zuwa sashen kuɗin shiga, bai dawo ba. Wato mako goma yana teburi na uku, mu kuwa muna ta sintiri a teburi na ɗaya.

Wani matashi a harabar ya ja mu gefe ya ce in an ba da na goro fayil zai tashi yau. Ba mu bayar ba. Hukuncin abin a addini kowa ya sani, ba sai mun hau mumbari a nan ba. Amma ko ta lissafin kasuwa ma asara ce: goron teburi ɗaya yake sayen tashi ɗaya, saura teburi huɗu, kuma labari yana riga fayil isa teburi na gaba.

Ranar Litinin 8 ga Mayu, mako goma sha ɗaya cif bayan ta farko, muka kai wasiƙa ta biyu. Da Turanci aka buga ta, ɗan ɗaya daga cikinmu da ke karatu a jami'ar jiha ya fassara, amma da Hausa muka tsara ta, ga ta kamar yadda muka shifta masa:

"Zuwa ga Shugaban Hukuma, don kulawar Daraktan Kuɗi. Tunatarwa ta farko: neman mayar da naira 630,000 da aka biya sau biyu ranar 14 ga Fabrairu 2023, fayil mai lamba kaza. Ranka ya daɗe, muna tuni da wasiƙarmu ta 20 ga Fabrairu 2023, wadda rajistarku ta karɓa a ranar, ga kwafinta mai hatimi a haɗe. Kuɗin sun shiga asusunku sau biyu, rasit ɗaya aka ba mu. Ga kwafin rasit da bayanin banki mai hatimi, an ja layi a ƙarƙashin biyan guda biyu. Littafin rajista ya nuna fayil ya tafi sashen kuɗin shiga ranar 23 ga Fabrairu kuma bai dawo ba. Muna roƙon a sanar da mu a rubuce, cikin kwana goma sha huɗu na aiki, ko an tabbatar da shigar kuɗin sau biyu, in kuma akwai takardar da ta rage a gaya mana wace ce. Muna roƙon a mayar da kuɗin cikin asusun da suka fito, ga sunansa da lambarsa. Mun gode."

Shi ke nan, ba ta cika shafi ɗaya ba. Da muka karanta wa 'yan ƙungiya, wasu ba su ji daɗi ba. Ɗaya ya ce, "Liman, ina maganar matar da ta kwanta asibiti? Ina maganar wahalar da muka sha? Ai wannan wasiƙar ba ta da zafi." Gaskiya ne ba ta da zafi, kuma da gangan ne. Darakta yana da fayil hamsin a gabansa. In ya ɗauki wasiƙa mai shafi uku da ta fara da tarihin ƙungiya ta ƙare da Allah ya isa, ba zai san me zai rubuta a gefenta ba, sai ya sa mata haruffan nan uku da ma'aikata suka sani, KIV, ma'ana a ajiye a riƙa tunawa, wanda a aikace kabari ne. Amma in wasiƙa ta ce fayil kaza yana teburi kaza tun ranar kaza, ta rubuta masa umarnin da zai bayar: a kawo min fayil ɗin nan da bayani.

Akwai kuma abin da muka bari da gangan: ba mu ambaci sunan kowa ba. Mun san wanda fayil ke teburinsa, mun san fuskarsa. Da mun rubuta cewa wane ne ya danne, da mun mayar da shi abokin gaba, kuma fayil ɗin dole ta hannunsa zai sake bi. Mun ce sashe, mun ce kwanan wata. Wanda zai tsawata ya san wanda zai tsawata wa.

Ba mu kuma nemi a biya mu cikin kwana goma sha huɗu ba, domin darakta ba shi da ikon yin haka, kuma wanda ka roƙa abin da ya fi ƙarfinsa ka ba shi uzurin yin shiru. Abin da ke hannunsa muka nema: a tabbatar, a rubuce. Wa'adin ma ba doka ce ta ba mu shi ba, mu muka sa, don mu san ranar da za mu hau mataki na gaba ba tare da an ce mun yi gaggawa ba.

Ranar Juma'a 19 ga Mayu aka kira mu, aka kuma ba mu amsa a takarda. Ashe ga abin da ya faru. Biya na biyu an yanka masa rasit, ya shiga littafi da sunanmu. Na farkon kuwa da ya iso a makare, a lokacin da kuɗi ke ta shigowa a hargitse, ba wanda ya haɗa shi da kowa, sai aka jera shi cikin kuɗin da ba a san mai su ba. Kwafin bayanin bankin da muka haɗa da wasiƙar farko kuma ya rabu da ita a hanya, ma'aikacin yana jiran mu kawo, mu muna jiran ya kira. Da doguwar lambar nan ta banki aka gano kuɗin cikin rabin awa. Tun daga ranar, duk takardar da za mu haɗa sai mun lissafa ta a ƙasan wasiƙa, ɗaya, biyu, uku, mun sa mai karɓa ya ƙirga kafin ya buga hatimi.

Wannan amsar muka kai layi muka karanta a bainar kowa, aka zagaya da ita hannu zuwa hannu. Kuɗi ba su dawo ba tukuna, amma ga hatimin hukuma na cewa suna wurinta. Surutu ya mutu a ranar. In da wasiƙa ta biyu ba ta yi mana komai ba sai wannan, ta biya kuɗin bugunta. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mun sha karantar da ita ga yara, amma a bakin rumfa ranar nan muka ga aikinta da ido.

Aka rubuta bauca, odita ya dawo da ita da tambaya: asusun na ƙungiya ne, wa ya ba mai sa hannu izinin nema a madadin sauran? Tambaya ce mai ma'ana, ba mu yi gardama ba. Muka kai takarda da sa hannun mu goma sha huɗu, masu dangwale suka dangwala. A nan ne mutum zai gane bambancin fayil mai rai da matacce. Fayil da ake yi maka tambaya a kansa yana tafiya, ko tambayar ta ba ka haushi. Wanda ake ce maka ana kan aiki ba tare da an nemi komai daga gare ka ba, shi ne abin tsoro.

Sai kuma shiru ya dawo. Yuni ya wuce, aka yi Babbar Sallah. Muka sake leƙa littafin rajista: fayil yana ofishin shugaba tun farkon Yuni, yana jiran wasiƙar da za ta raka shi ma'aikatar da ke kula da hukumar, daga can zuwa Akanta Janar. Yanzu darakta ya yi nasa, tunatar da shi ɓata takarda ne. Ranar Litinin 10 ga Yuli muka rubuta ta uku, ga shugaban kansa, da kwafi zuwa Babban Sakataren ma'aikatar, kuma muka rubuta a ƙasa ƙarara cewa mun aika kwafin. Jikinta jerin kwanaki ne kawai: ranar biya, ranar wasiƙar farko, ta biyu, ranar da hukumar da kanta ta tabbatar, ranar da odita ya sa hannu, ranar da fayil ya shiga ofishinsa. Roƙo ɗaya: a tura shi gaba, a ba mu lamba da kwanan watan wasiƙar da aka tura shi da ita.

Wasu sun so tun a watan Maris mu tsallake duk wannan mu je wurin wani babba da ya san wani babba. Muna da su a unguwa, kuma ba za su ƙi mu ba. Abin da ya hana mu shi ne, babba in ya buga waya, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina takardar take, in kuwa ba a tabbatar da kuɗin ba, ba abin da zai sa hannu a kai. Ƙorafin da ya faɗo daga sama gangarowa yake yi har teburin da ya kwanta tun farko, sai dai yanzu mai teburin ya san kun kai shi ƙara. Hawa mataki ɗaya ɗaya yana da jinkiri, amma kowace wasiƙa tana ɗauke da shaidar cewa na ƙasa an ba shi dama. Kwafin da ake aika wa na sama kuma ba barazana ba ce, sallama ce: ranar da ka zo wurinsa ba baƙo ba ne kai.

Bayan wasiƙa ta uku aka kira mu aka kawo wata shawara: tunda fitar da kuɗi daga babban asusu yana da wuya, me zai hana a bar su a matsayin kuɗin baɗi? Wannan tayin yana da kyau a san shi, domin sau da yawa shi ne hanya mafi sauri, tunda ba ya buƙatar kuɗi su fita, rubutu ne a littafi. Ga mutum ɗaya da zai sake biyan hukumar nan ba da jimawa ba, muna ganin ya karɓa, da sharaɗin a ba shi a rubuce, da adadi da shekarar da aka lissafa masa, da sa hannun wanda ke da iko, don ma'aikaci yana canjawa, baki kuma ba ya shiga fayil. Mu dai muka zauna muka ƙi, saboda dalili biyu. Kuɗin na taimako ne, marar lafiya ba zai jira baɗi ba. Na biyu, mutum biyu a cikinmu suna shirin sayar da rumfunansu, lissafin zai rikice. Muka mayar da amsa a rubuce, da godiya, don kada a rubuta a fayil cewa an yi mana tayi mun yi shiru.

Kwana goma sha huɗu suka cika ba lambar da muka nema. Ranar Litinin 7 ga Agusta muka kai ta huɗu ga Babban Sakatare kai tsaye, da kwafi ga shugaban hukumar. A irin wannan lokacin, bayan rantsuwar 29 ga Mayu kafin a naɗa sababbin kwamishinoni, manyan sakatarori ne ke riƙe da ma'aikatu, kuma ko da kwamishina yana nan, maganar bauca da lissafi tasu ce. A wannan wasiƙar ce kaɗai muka ƙara layi ɗaya: in ba a samu mafita ba, za mu kai maganar Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Wannan hukumar ta tarayya ce, an kafa ta a 1975 zamanin Janar Murtala, kuma marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ya fara shugabantar ta. Tana da ofis a kowace jiha har da Gombe, ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar lauya. Amma tana da ƙa'idoji da suka shafi duk abin da muke faɗa. Ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Tana son ka nuna ka bi hanyoyin cikin gida sun ƙare, wanda kwafin wasiƙunka masu hatimi ne kaɗai za su nuna. Kuma dokarta ta sa iyakar wata goma sha biyu daga faruwar abin. Wanda ya yi shekara yana jin ana kan aiki da baki, ranar da ya gaji ya je can, zai iya tarar da ƙofa a rufe. Mu mun sa wa kanmu ƙarshen Oktoba. Akwai wani agogon ma da dattijon nan ya nuna mana: 31 ga Disamba ake rufe littafin shekara, kuma baucar da ta tsallaka sabuwar shekara ba a biya ba sau da yawa sai an sake ta daga farko.

Ba mu kai ga zuwa can ba. Mako biyu bayan wasiƙa ta huɗu aka ba mu lambar wasiƙar da ta raka fayil zuwa ofishin Akanta Janar. Can ma mun je sau biyu, da lambar a hannu, aka nuna mana sunanmu a jerin masu jiran biya. Ranar Talata 26 ga Satumba, ana gobe hutun Mauludi, alat ya shigo: 630,000 cif, cikin asusun da suka fito.

Cif a lamba ke nan. A watan Fabrairu farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, bayan cire tallafi a ƙarshen Mayu ya haura 500. Dala a farashin hukuma tana wajen naira 460 ranar da kuɗin suka fita, ranar da suka dawo ta wuce 700. Duk wanda ke sayen hatsi a Tudun Hatsi ya san abin da wata bakwai ɗin nan suka yi wa buhu. Wani ya ce mu sake rubutawa mu nemi ƙari saboda jinkiri. Muka ce a'a: ƙari a kan bashi saboda daɗewa mun san sunansa, kuma ba za mu sa hannu a kai ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka karanta lissafi a gaban 'yan ƙungiya. Bugu da fotokwafi da kuɗin keke napep na zuwa goma sha tara sun tashi naira 21,400, aka amince a raba wa kowa daidai maimakon a taɓa asusun taimako. Aka mayar wa waɗanda suka yi karo-karon asibiti abinsu, mutum uku suka ce sun bar wa asusu. An kuma yanke cewa kuɗin taimako za su koma asusunsu daban, mai sa hannun mutum biyu. Fayil ɗinmu na gida, wasiƙu huɗu da amsoshi uku da takardar banki, yana wurin sakataren ƙungiya. Wanda ke da irin wannan matsalar a unguwa yana iya zuwa bayan sallar la'asar ya duba yadda aka tsara su, ya zo da rasit ɗinsa da kwanan watan da ya biya.